Yadda za ka nemi hutun kwana huɗu ba tare da an ba ka wata huɗu ba

Mu ɗauka kai matashi ne a Dogon Dutsi ko a Tibiri, Allah ya ba ka aiki daga nesa. Kana zaune a ɗakinka da kwamfuta a cinya, uban gidanka yana New York, bai taɓa ganin dutsen garinku ba, kai ma ba ka san ƙofar ofishinsa ba. Abin da ya haɗa ku saƙo ne da taron waya. Sai ga lalura ta taso cikin azumin 2026: za ka kai gyatuma Yamai ganin likitan ido. Tafiya ce ta kusan kilomita 270, a bi ta Kore Mai Ruwa da Doso, a kwana, a bi layi, a jira sakamako, a juyo. Ka ƙudura za ka tashi ranar Alhamis 5 ga Maris, ka koma bakin aiki ranar Litinin 9 ga Maris. Kwana huɗu ke nan, biyu daga ciki ma Asabar da Lahadi ne. Ka ɗauki waya ka rubuta kamar yadda malamin lakwal ya koya maka tun kana ɗan yaro: daga 05/03 zuwa 09/03.

Ɗan'uwa, cire yatsanka daga kan maɓallin aikawa.

A Nijar muna fara rubuta rana sannan wata, tsarin da muka gada wajen Faransawa. Mutumin Amurka yana fara rubuta wata sannan rana. Idan ya ga 05/03, abin da idonsa ke karanta masa shi ne 3 ga Mayu, 09/03 kuma 3 ga Satumba. To ka ga abin da ka nema: hutu daga farkon Mayu zuwa farkon Satumba, wata huɗu cur. Idan mutumin ya taɓa karanta wani abu game da Sahel, zai ce ai kuwa daidai, yaron nan zai tafi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noma da maimai, ba zai dawo ba sai hatsi ya fid da kai. Zai ajiye saƙon ya ce sai ya yi shawara, tunda a ganinsa akwai sauran wata biyu. Ranar Alhamis kuwa zai buɗe taro ya ga babu kai, ya kira bai same ka ba domin kana cikin mota tsakanin Doso da Birnin Gaure, sai ya rubuta a takardarka cewa ka ɓace ba sanarwa. Kai kuma kana can zuciyarka wasai, ka san ka nemi izini tun da wuri.

Wannan tarkon ba kullum yake kamu ba, shi ya sa ake sakankancewa da shi. Daga 13 ga wata zuwa ƙarshensa babu ruɗani, domin babu wata na 13, kowa ya ga 18/12 ya san ranar Jamhuriya ake nufi ko da tsarin bai yi masa daɗi ba. Ranakun da rana da wata suka zo lamba ɗaya, kamar 03/03, su ma lafiya lau. Amma sauran ranakun farkon wata, 11 a kowane wata, 132 a shekara, kowace tana da fuska biyu. Kana iya shekara kana rubuta lambobi zalla ba abin da ya faru, ranar da ta kama za a kai gyatuma asibiti sai ta faɗo cikin 132 ɗin.

Maganin ba shi da tsada. Ka rubuta sunan watan da haruffa, da harshen da kuke aiki da shi, ka sa shekara da lamba huɗu, sannan ka ɗora sunan ranar mako a gaba. Sunan ranar nan shi ne mai gadin saƙon. Idan ka rubuta Alhamis, 5 ga Maris 2026, ko da wani ya juya lambobin a kansa ya leƙa kalanda, zai tarar 3 ga Mayun 2026 Lahadi ce, nan take zai gane akwai inda aka samu tangarɗa. Amma kai ma ka leƙa kalandar kafin ka rubuta. Wanda ya ce Alhamis 6 ga Maris alhali 6 ga wata Juma'a ce ya bar uban gidansa da zaɓi biyu, kuma mutum yakan zaɓi wadda ta fi masa sauƙi, ba wadda ta fi maka ba.

Idan wurin cikewa ne a shafin ma'aikata ko sunan takarda, inda ba a son kalmomi, akwai tsarin duniya mai suna ISO 8601 wanda aka fitar tun 1988. Shekara ce farko, sai wata, sai rana, daga babba zuwa ƙarami: 2026-03-05. Wanda ya ga lamba huɗu a gaba ya san wata ne ke biye, daga Tokyo har Dankasari. Kada dai ka yi masa kwaskwarima ka mai da shekarar lamba biyu, domin 26-03-05 ta koma kacici-kacici mai amsa uku.

Mun gama da rana, saura agogo, kuma nan ne aikin yake.

Nijar tana gaban agogon duniya, wanda ake rubutawa UTC, da awa ɗaya, rani da damina. Ba ma matsar da agogo gaba ko baya. Haka Najeriya da Benin suke, shi ya sa wanda ya tsallaka Kamba ko Birnin Kebbi cin kasuwa ba ya taɓa agogonsa, kuma shi ya sa gidajen rediyo ke haɗa mu wuri ɗaya su ce agogon Najeriya da Nijar. Mali da Burkina Faso suna bayanmu da awa ɗaya. Mu mun tsaya cik, mutanen Amurka da Turai ne can suke rawa. Amurka da mafi yawan Kanada suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta watan Maris, su mai da shi a Lahadin farko ta Nuwamba. Turai kuma tana yin nata a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ba su haɗa baki ba, kowa da ranarsa.

Yanzu duba abin da wannan zai yi wa tafiyarka. A 2026, Lahadi ta biyu ta Maris ita ce 8 ga wata, kana Yamai ko kana kan hanyar dawowa. Ranar Alhamis da ka tashi, New York tana bayan UTC da awa 5, kai kana gaba da awa 1, tsakaninku awa 6. Taronku na ƙarfe 9 na safiyarsu yana kamawa ƙarfe 3 na yamma a Dutsi, kuma haka ka saba tun Nuwamba. Ranar Litinin da ka dawo, New York ta koma bayan UTC da awa 4, tsakaninku ya zama awa 5. Taron ƙarfe 9 ɗin nan nasu yanzu ƙarfe 2 ne a wurinka. Idan ka ce za ka shigo ƙarfe 3 kamar kullum, za ka yi alwala a natse, ka yi azahar, ka ɗan kishingiɗa saboda azumi da gajiyar mota, ka buɗe kwamfuta ƙarfe 3 daidai ka tarar ana sallama. Kai ba ka makara ba, agogon ne ya tashi ya bar ka, amma ba wanda zai rubuta wa agogo takardar gargaɗi.

Akwai wata hanyar kuma da maganar ke karkacewa. Ka rubuta cewa za ka dawo ƙarfe 3, ba ka ce agogon wa ba. Kowane ɗan Adam yana karanta lokaci da agogon da ke hannunsa. Uban gidanka zai ɗauka ƙarfe 3 na yammacin New York, wato ƙarfe 8 na dare a Dutsi, lokacin da ka sha ruwa kana shirin asham. Ya ɗage aiki har zuwa lokacin, kai ka zauna tun rana kana jira shiru, shi kuma ya zo da dare ya tarar ka tafi masallaci.

Saboda haka kowane lokaci da ka rubuta, ka ba shi abokan tafiya biyu: sunan birni da tazararsa da UTC. Sannan ka yi wa uban gidanka lissafin nasa agogon da kanka, ka rubuta su kafaɗa da kafaɗa. Kada ka bar masa lissafin. Yana da mutum goma a ƙasashe biyar, kai kuwa kana da uban gida ɗaya, wa ya fi cancanta ya ƙirga? Sunan birnin da za ka sa shi ne Yamai da rubutun da ke cikin na'urarsa, Niamey, domin idan ka sa Tibiri zai nema ya tarar da guda biyu a Nijar, ta Arewa da ta Gobir kusa da Maraɗi, alhali duk agogonsu ɗaya ne, ka ƙara masa aiki a banza. Ga yadda layukan biyu za su fito idan da Turanci kuke aiki:

```
Away from: Thu 5 March 2026, 06:00 Niamey (UTC+1) = 00:00 New York
Back at:   Mon 9 March 2026, 14:00 Niamey (UTC+1) = 09:00 New York
```

Ka lura layin farko tazarar awa 6 ce, na biyu awa 5. Ba kuskure ba ne, kuma yana da kyau ka ƙara jimla ɗaya ka ce ka lissafa da canjin agogonsu na ranar 8 ga wata. Uban gidan da ya ga yaron da ke bakin Dallol Mawri ya tuna masa canjin agogon garinsa, ranar nan darajar yaron ta ƙaru.

Wani zai ce me ya sa ba za a rubuta gajeren sunan yankin ba kawai. Namu WAT ne, kuma daidai ne, amma mutumin New York ba lalle ya san shi ba, yana iya ɗauka tambaya kake yi masa. Nasu kuma sun fi namu rikici. IST na nufin agogon Indiya, yana nufin na Ireland, yana nufin na Isra'ila. CST na Chicago ne kuma na Sin ne, tsakaninsu awa 14. Su kansu Amurkawa sukan rubuta EST a tsakiyar Yuli alhali a lokacin EDT suke kai. Sai kuma GMT, wanda wasunmu ke liƙa wa kowane lokaci don saƙo ya yi kwarjini. Idan ka rubuta 14:00 GMT kana nufin agogon Dutsi, ka ba da alkawarin ƙarfe 3 ba ka sani ba, domin mu GMT da ƙarin awa ɗaya muke. Lamba ba ta da waɗannan tagwayen. UTC+1 ɗaya ce tak a duniya.

Ka yi amfani da agogo mai awa 24, wanda dama shi muka saba gani a tasha da asibiti, amma ka rubuta shi da ɗigo biyu, 14:00. Rubutun 14h na Faransanci ne, wanda bai saba da shi ba yana iya karanta shi a matsayin tsawon awa goma sha huɗu, ya ce to wannan karon ba wata huɗu ba, yini da ɗan abin da ya taɓa dare yake nema. Idan kuma dole sai da AM da PM, ka guji ƙarfe 12 kamar yadda ake gudun rijiya gaba dubu. Ko su da suka ƙirƙiro tsarin sukan yi gardama a kan 12 AM, dare ne ko rana. Tsakar dare ce, amma ba ka da lokacin cin gardama. Ka rubuta 11:59 ko 12:01, ko ka koma awa 24.

Akwai kalmomi masu daɗin faɗi da ba su da wurin zama a saƙon neman izini: yau, gobe, jibi, gata, mako mai zuwa. Cikin azumi lokacin da ka fi samun natsuwa da rezo mai kyau shi ne sahur. Ka rubuta ƙarfe 5 na asubahin Alhamis cewa yau ba za ka samu zuwa ba. A New York ƙarfe 11 na daren Laraba ne, Alhamis ba ta iso musu ba. Mutumin ya duba waya kafin ya kwanta, ya ce wace yau, ai yau ka yi aiki, mun ma yi magana. Ko ya bari sai da safe, ko sai bayan kwana biyu, kuma kowace safiya da ya buɗe saƙon, yau ɗinka tana komawa ranar da ya karanta. Saƙo ba ya tsufa a idon mai karatu. Kalmar gobe kuwa tafiya take yi tare da shi.

Wadda ta fi su duka haɗari ita ce daren Juma'a. A wurinmu, bisa lissafin Musulunci, rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, don haka daren Juma'a shi ne daren da Alhamis ta wuce za a wayi gari Juma'a. Idan ka juya shi kai tsaye zuwa Turanci ko Faransanci, mai karatu zai fahimci daren da ke bin yinin Juma'a. Awa 24 ke nan tsakanin abin da ka nufa da abin da ya ji, kuma kowannenku yana da gaskiya a gidansu. Ka rubuta Alhamis 5 ga Maris, 21:00, magana ta ƙare.

Haka batun bayan la'asar da bayan shan ruwa. Lokuta ne na gaskiya, da su muke tsara yininmu, kuma ba abin kunya ba ne ka gaya wa uban gidanka cewa za ka tashi salla ko buɗa baki. Sai dai rana ce ke riƙe da su, ba agogo ba. A farkon Maris rana tana faɗuwa a Dutsi wajen bakwai saura minti goma, a Difa kuwa ta riga ta faɗi fiye da rabin awa kafin nan, duk da agogon garuruwan biyu ɗaya ne. Idan ɗan Difa ma sai ya yi lissafi kafin ya san shan ruwanka, ina ga wanda ke hayin teku? Ka faɗi dalilin da sunansa, sannan ka ba da lamba: daga 18:45 zuwa 19:30.

Sai kalmar zuwa. Daga Alhamis zuwa Litinin: Litinin tana cikin hutun ko ita ce ranar dawowa? Tambayi mutum biyu a majalisa ɗaya ka ji amsa biyu. Shi ya sa a layukan can na sama ba a ce daga kaza zuwa kaza ba, an ce ga lokacin tashi, ga lokacin dawowa. Ka ƙara da adadin ranakun aikin da za ka rasa, a nan biyu, Alhamis da Juma'a. Wannan lambar ita ma mai gadi ce: wanda ya ga an ce kwana biyu na aiki ba zai ƙara tunanin wata huɗu ba. Kuma wajen sa lokacin dawowa ka ji tsoron Allah ka ji tsoron hanya. Idan motar Yamai za ta sauke ka ranar Litinin da hantsi in komai ya tafi daidai, kada ka yi alkawarin ƙarfe 2. Taya na fashewa, likita na ɗage ganawa, kana iya isowa ka tarar babu kuran kuma batirin kwamfuta ya mutu. Ko ka dawo tun Lahadi, ko ka rubuta Talata. Wanda ya ce Talata ya bayyana Litinin ya ci riba, wanda ya ce Litinin ya bayyana Talata sai ya sake rubuta wani saƙon, na ban haƙuri.

Wani abu kuma da ke cin mutane a ɓoye yana cikin kwamfutar kanta. Da yawa daga kwamfutocin hannu da ke zuwa mana an saita su da Faransanci, yankin agogonsu yana kan Paris. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Paris da Yamai agogonsu ɗaya, don haka ba ka ganin komai. Ranar Lahadi 29 ga Maris 2026 Paris za ta koma UTC+2, ka wayi gari kwamfutarka ta riga wayarka da awa ɗaya. Abin da mutane suka saba yi shi ne su mai da agogon baya da hannu, su bar yankin yadda yake. Fuskar agogon ta gyaru, amma a cikinta na'urar ta yi imani har yanzu tana Paris, kuma lissafinta na UTC ya goce da awa ɗaya. Duk abin da ta buga wa hatimin lokaci zai fita a karkace, kuma gayyatar taro za ta riƙa nuna maka lokacin Paris. Alamar cutar ita ce taro ɗaya ya nuna lokaci biyu, na waya daban, na kwamfuta daban. Maganin shi ne ka gyara yankin, ba agogon ba. A Windows ka zaɓi (UTC+01:00) West Central Africa, a waya ko kalandar intanet kuma Africa/Niamey ko Africa/Lagos, duk ɗaya ne. Idan akwai abokin aiki a Landan, nasa a juye yake: da hunturunsu yana bayanka da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris ku daidaita.

Bayan ka dawo daga Yamai da kwanaki kaɗan sai ga ƙaramar salla, kuma ita ce ranar da ba wanda zai iya rubuta ta da tabbaci tun da wuri. Watan azumi kwana 29 ne ko 30, sai an ga wata an sanar, kuma ya sha faruwa Nijar ta yi sallarta ranar da ba ta zo ɗaya da ta Najeriya ko Saudiyya ba. Kalandar da ke kwamfutar uban gidanka za ta nuna masa rana ɗaya kamar an kafa ta da ƙusa, shi kuma zai yarda da ita. Kada ka jira daren ganin wata sannan ka rubuta. Tun mako biyu kafin lokacin ka aika masa ranaku biyun da ake zato, kowace da sunan ranarta da sunan watanta da haruffa, ka bayyana masa a jimla ɗaya cewa ganin wata ne zai raba gardama. Ka faɗa masa rana da ƙarfen da za ka tabbatar masa, da agogonka da nasa. A nan tazarar tana yi maka aiki: idan sanarwa ta fito ƙarfe 9 na dare a wurinmu, ƙarfe 4 na yamma ne a New York, yana ofis bai tashi ba. Sannan ka roƙe shi ya amsa maka da maimaita ranakun kamar yadda ya fahimce su, domin idan akwai inda lambobi suka juye, a amsar nan za ka gan shi tun kana da sauran lokacin gyarawa.